Ƙasan da ya karye yau

Yau da rana a Damagaram ina kallon jadawalin farashin zinare na awa huɗu-huɗu, sai farashi ya sauka ƙasa da ƙasan baya, wato inda saukarsa ta baya ta tsaya. Tun da ya fara hawa, duk saukar da ya yi sama da ta baya take tsayawa, alamar masu saye na tare shi da wuri. Yau ba su tare ba.

Ban yi gaggawar sayarwa ba. Na jira kyandir, wato alamar da ke nuna motsin farashi na awa huɗun, ya rufe a ƙarƙashin layin ƙasan baya, domin wani lokaci jelar kyandir kaɗai takan leƙa ta koma, ta kwashe masu garaje. Ya rufe kuwa. Wannan gargaɗi ne tukuna, juyawar kasuwa daga hawa zuwa sauka ba ta tabbata ba. In farashi ya sake hawa ya kasa kai saman baya, wato inda hawansa na baya ya tsaya, to masu sayarwa sun karɓi kasuwa. Shi nake jira.