Daren da Oga ya bar min kicin ni kaɗai

Wata takwas ina aiki ƙarƙashin Oga, ban taɓa riƙe kicin ni kaɗai ba sai ranar da aka yi masa kiran gaggawa daga gida. Yana fita ya ce min, "Ka iya komai, kar dai ka bari takardun oda su ruɗa ka." Na ce to Oga, Allah ya kiyaye hanya.

Har ƙarfe bakwai komai lafiya lau, albasa a yanke, miya na kan wuta. Kawai sai wuri ya cika maƙil, kafin minti goma oda tara sun jeru a gabana, shida a ciki duk soyayyar kaza ce.

A nan na tafka kuskuren. Man suyarmu a digiri 175 muke riƙe shi, kuma cinya huɗu Oga ke sakawa a lokaci ɗaya, ni kuwa don sauri na zuba goma, daga firij kai tsaye, da sanyinsu da danshinsu. Nan take ƙarar suyar ta mutu, wannan cuuu ɗin mai ƙarfi ya koma wani ɗan tafasa-tafasa, da na tsaya na saurara da tun a nan na gane man ya huce. Sai na ga kaza ta ƙi yin ja tana ta shan mai, na ƙure wuta, bayanta ya yi duhu na kwashe na tura.

Ba a yi minti biyar ba faranti biyu suka dawo. Wallahi da na tsaga cinyar na ga jikin ƙashi ɗanye sai da hannuna ya yi rawa, don wannan abu ne da zai iya kwantar da mutum. Na soka ma'aunin zafi a inda tsoka ta fi kauri, 61 ya nuna, alhali kaza sai cikinta ya kai 74.

Na kira mai kai abinci na ce, "Yaya, don Allah ka ba su haƙuri, ka ce minti ashirin, kar ka rage musu ko ɗaya." Na tsaya na karanta takardun duka, abin da ya kamata in fara yi kenan, na ware na tebur ɗaya wuri ɗaya. Na koma huɗu-huɗu, ina goge danshin kowace cinya, in ta yi ja in ƙarasa ta a obin, kuma ba na saka wasu sai man ya dawo 175. Jiran nan na minti biyu ya fi komai wuya, ana ta leƙo ni ta taga.

Tebur ɗaya sun gaji sun tafi, har yau abin na damuna. Sauran takwas sun ci abincinsu, kuma kowace cinya sai da na auna ta kafin ta hau faranti.