Gashin haske: yadda muka toshe yoyon rana a falon wani gida

Sana'armu gina gida ne a cikin kwamfuta tun kafin a haƙa ramin harsashi. Mai zanen gini ya kawo mana zanensa, mu kuma mu tayar da gidan a manhajar Unreal Engine, har mai shi ya zaga falo da ɗakuna ta allo. Abin da ya raba aikinmu da na masu karya farashi shi ne haske, kuma hasken nan gasa shi muke yi.

Gashin haske yana nufin kwamfuta ta zauna ta lissafa yadda rana ke shiga ta taga, ta bugi daɓe, ta koma bango, ta hau silin, sannan ta ajiye sakamakon a matsayin hoto da za a lulluɓa wa kowane bango da daɓe. Hoton nan muke kira taswirar haske. Tunda bango ba ya motsi, lissafi sau ɗaya ya wadatar, shi ya sa ƙaramar kwamfutar ofis ma take iya buɗe aikin ba tare da ta riƙa tsayawa ba. Sai dai taswirar ƙwayoyi ce 'yan murabba'i, kowace ƙwaya launi ɗaya take ɗauka, kuma yawancin ciwon kan sana'ar nan daga girman ƙwayar yake fitowa.

Wani Alhaji ya zo mana da gidansa mai bene wanda wasu suka riga suka yi masa a rabin kuɗinmu. Da ya buɗe, sai ga wani farin layi yana bin gindin bangon falo, kamar an kunna fitila a ƙarƙashin gini. Ya ce, "Malam, wannan hasken daga ina?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar waje ce ta yoyo ciki." Tun kafin in taɓa fayil ɗin na san inda zan duba.

Daɓen ƙasa gaba ɗaya falle ɗaya suka yi shi, mita 12 kowane ɓangare, ya taso daga falo ya bi ta ƙarƙashin bango ya fita baranda. `Light Map Resolution` kuwa, wato yawan ƙwayoyin da ke jere a kowane gefen taswirar, sun bar shi a 64. Raba santimita 1200 gida 64, za ka ga kowace ƙwaya ta kusa santimita 19. Bangon da suka tsayar a kai bai wuce santimita 10 ba. Ke nan ƙwaya guda tana kwance rabinta a baranda cikin rana, rabinta a falo cikin inuwa, ga shi launi ɗaya za ta ɗauka, ga injin Unreal kuma yana cakuɗa kowace ƙwaya da maƙwabtanta don hoto ya yi laushi. Ta nan rana ta shigo.

Mai gaggawa lamba zai ɗaga kawai, daga 64 zuwa 1024, layin ya sirance, ya ce ya gyara. Ni ba na yarda da wannan, domin duk ninki ɗaya da ka yi wa lambar, ƙwayoyin sun ninka huɗu, lokacin gashi da nauyin aiki su bi bayansu, kuma tushen matsalar yana nan. Mun koma Blender, manhajar da muke ƙera siffar ginin a ciki, muka yanka daɓen daidai bakin bango, falo daban, baranda daban, yadda babu ƙwayar da za ta haɗa ciki da waje. Muka mayar da bangon kaurinsa na gaskiya, santimita 23, wato bulo mai inci tara da magina za su ɗora a fili. Silin ɗin ma fuska ɗaya gare shi, mai kallon ƙasa, rana na ratsa shi ta baya, sai muka ba shi kauri ya hau kan bango ya zauna. Falon mita 6 ne, muka ba daɓensa 256, ƙwaya ta dawo santimita 2 da ɗoriya. Yoyo ya tsaya.

Maigidan da ya koya mini aikin nan a Kaduna ba ya barin yaro ya taɓa fitila sai ya yi wata guda yana shimfiɗa UV. Shimfiɗar ita ce ka ɓare abu mai kusurwoyi ka kwantar da shi a fili, kamar tela ya baje yankakken yadi a tebur. Taswirar haske tana son tata shimfiɗar daban, wadda `Light Map Coordinate Index` ke nunawa, galibi 1, kuma a cikinta ba a yarda yanki ya hau kan yanki ba. In suka hau juna, inuwar ƙafar kujera sai ta bayyana a kan hannunta. Maigidan yana duba tawa ya ce, "Kai yaro, ina ratar?" Ƙwaya huɗu yake so tsakanin yanki da yanki, saboda ana matse taswirar ne a rukunin ƙwaya huɗu-huɗu, baƙin wani yanki kan malalo cikin farin wani. Har yau da wannan ma'aunin nake auna aikin yarana.

A gidan Alhaji tabon haɗi ya fito a dogon bangon falo. Sun jera shi ne da gutsattsari shida masu mita ɗaiɗai, kowanne aka gasa shi da kansa, sai launinsu ya ɗan saɓa, kana ganin layi a tsaye duk inda biyu suka haɗu, kamar filastar da aka yi a ranaku daban-daban. Babu saitin da ke share wannan tas. Mun haɗe su bango ɗaya, shimfiɗa ɗaya, muka bar yanka a kusurwa kawai, inda haske dama yake karyewa.

Saura dabbare-dabbare, wanda ya fi cinye mana dare. Silin ɗin matakala ya fito da tabo-tabo kamar ruwa ya jiƙa shi, don wurin ba ya samun rana kai tsaye, da hasken da ya faɗo daga wata 'yar taga yake rayuwa, samfurin da injin ya ɗiba kuma bai isa ba. Mun kewaye gidan kaɗai da `Lightmass Importance Volume` don kada lissafi ya watse a filin waje, muka sa `Lightmass Portal` a kowace taga don nuna wa injin inda haske ke shigowa. Sannan a `World Settings` muka sauke `Static Lighting Level Scale` zuwa 0.25 don lissafi ya kama ƙananan bayanai, muka ɗaga `Indirect Lighting Quality` zuwa 4 don a ƙara yawan samfuri. Su biyun tare suke tafiya, in ka sauke na farko ka bar na biyu, tabon ƙaruwa yake yi. Masu araha `Indirect Lighting Smoothness` suke ɗagawa su shafe tabon, su shafe har da siririyar inuwar da ke gindin kujera, kayan ɗaki su zama kamar suna shawagi. Abin yana ƙona mini rai, don mai gida yana jin wani abu bai zauna ba amma bai san sunansa ba, sai ya ce aikin kwamfuta dama haka yake.

Gwaji duk a `Preview`, matakin gashi mai sauri, muke yi, amma ba ma yanke hukunci a kansa, shi kansa yana kawo datti. Gashin ƙarshe a `Production`, mataki mafi inganci, muka sa bayan sallar isha'i, janareta na gefe da mai a ciki, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya daga farko za a sake. Da asuba ya kammala. Alhaji ya zo da hantsi, ya zaga falon, ya tsaya a matakala ya ɗaga kai yana kallon silin, sannan ya ce a ƙara wa tagar nan faɗi kafin magina su kai wurin, don ya ga wajen zai yi duhu da yamma.