Lahadi, 7 ga Satumba, 2025: daren da wata ya fito ja

Tun la'asar nake duban gabas ina addu'ar kada hadari ya rufe mana sama, don damina ba ta gama sallama da Katsina ba. Allah ya taimaka, bayan magariba gajimare ya ɗan yaye, sai ga wata can ƙasa-ƙasa, ja-ja-ja ba haske. A cikin husufi ya fito. Bai fara washewa ba sai wajen ƙarfe 7:52, cikakken husufin ya ɗauki minti 82 ke nan. An yi sallar husufi a masallacin unguwa, yara kuma suna ta kaɗa gwangwani a lungu wai rana ta saki wata.

Da muka dawo, ɗan yayata da ke aji biyar a sakandare ya tsare ni a ƙofar gida. "Kawu, na wata na gani yau, na kuma gani a 2018. Me ya sa ban taɓa ganin rana ta rufe gaba ɗaya ba?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, na ce ya ɗauko tabarma.

Husufi dai inuwa ce. Idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa kan wata, shi ne na yau, kuma ba ya yiwuwa sai tsakiyar watan Musulunci, lokacin da wata ya cika. Idan wata ne ya gifta tsakaninmu da rana, inuwarsa ta sauka a ƙasa, husufin rana ke nan, a ƙarshen wata kafin jinjiri ya tsaya. Abin da ya hana a yi kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi, don haka yawanci inuwar kan wuce ta sama ko ta ƙasa. Sai bayan kusan wata shida-shida suke daidaita.

Ya zaci na rana ne bai cika faruwa ba. Na ce masa ba a nan gizo ke saƙa ba. Cikakken husufin rana yana faruwa a wani wuri a duniya kusan duk wata 18, yawansa bai yi nisa da na wata ba. Bambancin yana wurin girman inuwa da kuma inda ta faɗi. Inuwar duniya, a inda wata yake, faɗinta ya kai kilomita 9,000, wata kuwa bai cika kilomita 3,500 ba, shi ya sa yake daɗewa a ciki. Kuma watan ne da kansa ya yi duhu, duk wanda dare ya yi a garinsu zai gani. Abin da muka gani yau, mutanen Makka da Indiya da Sin sun gan shi a lokaci guda da mu.

Inuwar wata kuwa tsini take yi kamar bakin mazurari, da ƙyar take taɓo ƙasa. Rana ta ninka wata girma kusan sau 400, ta kuma ninka shi nisa kusan sau 400, don haka rufewar daidai wa daida ce, babu rara. Idan wata ya yi nisa ma, tsinin ba ya isowa, sai a ga zoben haske ya kewaye shi.

Sai na ba shi labarin Laraba 29 ga Maris, 2006, kafin a haife shi. Inuwar ta ratso Ghana da Togo da Benin, ta shigo Najeriya ta bi ta Gusau da Katsina, ta wuce Nijar da Chadi da Libiya. Faɗinta bai kai kilomita 200 ba. Da hantsi, wajen 10 da rabi, gari ya yi duhu, iska ta yi sanyi, kajinmu suka nufi akurki. Ko minti 4 ba a cika ba haske ya dawo, domin inuwar tana gudun da ya fi na jirgin saman fasinja. 'Yan uwanmu na Kano, ga su nan kusa, rana ba ta rufe musu duka ba, ɗan siririn gefenta ya rage, kuma wannan ɗan gefen ya isa ya hana duhu. Zirin da ya yi ƙanƙanta haka, kafin ya sake faɗawa gari guda, a matsakaicin lissafi sai an yi kimanin shekara 375.

Ya tambaye ni yaushe zai gani. Ranar 20 ga Maris, 2034, inuwar za ta sake shigowa Najeriya ta Legas ta nufi Kamaru da Chadi, mu nan wani ɓangare kawai zai rufe. Na ja masa kunne tun yanzu: na wata a kalla da ido babu komai, amma rana ko saura ƙiris ta rufe tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba, baƙin gilashin kasuwa kuma ba ya karewa, sai tabarau na musamman da aka yi don husufi. Ya ce in Allah ya kai mu, shi zai biya mana kuɗin mota zuwa Legas.