Inda nake sa tambarin shagonmu a hoton jaka

Ni ke ɗaukar hotunan kayan fata na shagon yayana a nan Sakkwato, jakunkuna da takalma na jar fata, ina sa su a WhatsApp da Instagram. Da muka fara ganin hotunanmu a hannun wasu 'yan kasuwa suna talla da su, sai Yaya ya ce in manna tambari babba a tsakiya. Na ce masa, "Yaya, mai saye ɗinki yake son gani. In muka rufe ɗinkin, me ya rage?"

Abu na farko, tambarin ya zama hoto nau'in PNG marar bango, wato babu launi a bayansa. JPG ba ya riƙe bango marar launi, shi ya sa za ka ga tambari zaune cikin farin akwati kamar an liƙa takarda da gam. Ina ajiye kala biyu, fari da baƙi, domin fari ɓacewa yake a kan farin yadi, baƙi kuma ya nutse a kan fata mai duhu.

Ga yadda na yi da wata jar jaka da na ɗora a kan farin yadi. Faɗin hoton fiksel 1080 ne, tsawonsa 1350. Na rage baƙin tambarin zuwa faɗin fiksel 160, wato wajen kashi 15 cikin ɗari na faɗin hoton, sannan a manhajar tsara hoto ta Canva na ja Transparency, ma'aunin yadda tambarin ke bayyana, zuwa 45. Da na gwada 20, sai ya zama kamar dattin yatsa a gilashi. A 80 kuwa, ido na fara sauka kansa kafin jakar.

Wurin zama shi ya fi cin tunanina. Kusurwa tana da tsabta, amma duk mai waya zai yanke ta cikin daƙiƙa biyu. Sai na lura da filin da ke cikin hannun jaka, tsakanin maratayi da bakinta. Babu kaya a wurin, yadi ne kawai, kuma ba a iya yanke shi sai an yanke jakar. Nan nake sa shi yanzu. A takalma, tsakanin ƙafa biyun. Wanda ya iya manhajar goge abu a hoto zai iya cire shi, amma mai yankan gaggawa ya rasa hanya.

Lambar waya ba ta shiga cikin tambarin, tana cikin rubutun da ke ƙasan hoton. WhatsApp yana matse hoto, ƙananan haruffa masu siririn layi su ne ke fara dagulewa.

Kafin in saki hoto, nakan tura shi wayar Yaya, in fita da ita bakin shago cikin ranar azahar. In na karanta sunan shagon ba tare da na buɗa hoton da yatsu ba, ya yi. In ban iya ba, nakan ƙara Transparency zuwa 55, girman kuma in bar shi yadda yake.