Ciwon da yake riga ƙurajensa zuwa: abin da aiki ya koya min kan shingils

A makaranta an koya mana shingils a matsayin ciwon fata, aka nuna mana hotunan ƙuraje muka haddace muka ci jarrabawa. Da na fara aikin jinya sai na gane a hankali cewa ciwon jijiya ne tun daga tushe, fatar kawai inda yake leƙowa ce a ƙarshe, kuma mutumin da aka fi iya taimaka wa shi ne wanda ya zo kafin hoton littafin ya gama fitowa a jikinsa.

Bari in fara da ƙurajen zazzaɓi na leɓe tunda su kowa ya sani, kuma su ne suke sa mutane raina shingils. Bairos ɗin harfis nau'i na 1 ne yake kawo su, yawanci tun yarinta ake ɗauka, ya je ya kwanta a jijiyar fuska, duk sanda zazzaɓi ko mura ko gajiya ko zafin rana ko al'ada ta taɓa mutum sai ya farka. Mai su ya san alamar, wani ɗan ƙaiƙayi ko tsikari a gefen leɓe na 'yan awowi ko wuni guda, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a cure wuri ɗaya, su fashe, su yi ɓawo, cikin kwana 7 zuwa 10 sun tafi. Suna dawowa, kuma kusan kullum wuri ɗaya suke dawowa. Kirim ɗin asiklobir sau 5 a rana yana ɗan rage kwanakin in an fara tun lokacin tsikarin, amma gaskiya ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da na fi damuwa da shi a nan shi ne kar mai ƙurjin ya sumbaci jariri sabon haihuwa, don a jariri wannan bairos ɗin yana iya kisa, sannan kar ya taɓa ƙurjin ya kai hannu ido.

Shingils ɗan uwansa ne amma halinsu ba ɗaya ba. Shi bairos ɗin ƙarambau ne. Wanda ya yi ƙarambau yana yaro ya warke, bairos ɗin bai bar jikinsa ba, ya shige cikin tushen jijiyoyin ji da ke gefen laka ya yi shiru, shekara 30, shekara 50, sai ranar da garkuwar jiki ta yi rauni saboda tsufa ko cuta ko wani magani, sannan ya farka a tushen jijiya guda ɗaya ya dinga hayayyafa yana bin jijiyar har ya iso fata. To wannan tafiyar da yake yi ita ce ciwon da ake ji kafin a ga komai, yawanci kwana 2 zuwa 3, wani lokaci har 5 ko fiye. Kuma da yake kowace jijiya ɓangare ɗaya na jiki take kula da shi, ciwon da ƙurajen duk gefe ɗaya suke tsayawa, su zagayo daga baya zuwa gaba kamar rabin ɗamara, su tsaya cak a tsakiyar jiki ba su ƙetare ba.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa, ya haura 60, yana da ciwon suga. Ya zo yana riƙe da gefen damansa ƙasan haƙarƙari, ya ce kwana uku kenan yana shan maganin alsa a banza, har wani ya ce masa ya je a yi sikanin matsarmama. Ba amai, ba zazzaɓin kirki, abinci bai ƙara ciwon bai rage shi ba, likita ya danna cikin ya ji laushi lau. Ina ɗaura masa abin awon jini hannun rigarsa ya ja, sai na ga ya yamutsa fuska ya ɗaga rigar daga jikinsa da yatsu biyu. Na ce Baba rigar ce take damunku? Ya ce 'yata ai ko iskar fanka ba na so ta taɓa wurin, kamar an zuba min garwashi, can kuma sai ya tsira min kamar wutar lantarki. Wannan maganar ita ce komai. Ciwon cikin ciki, na hanji ko matsarmama ko ƙoda, ba kasafai yake sa taɓa fata a hankali ya zama azaba ba. Muka ɗauki auduga muka shafa gefen hagu, lafiya lau, muka shafa dama sai ya zabura, kuma wurin zaburar layi ne guda daga kusa da ƙashin baya zuwa saman cibiya. Fatar kuwa sumul, ko ɗigo babu.

A nan ba a fara maganin bairos haka kawai ba, don babu ƙurji tukuna kuma dole a tabbatar ba wani abu ne mai haɗari a ciki ba, in da gefen hagu na ƙirji ne ma sai an duba zuciya tukun. Aka yi gwajin da ya kamata, aka ba shi maganin rage ciwo, likita ya ce wa ɗansa da ya rako shi, safe da yamma ka ɗaga rigar Baba ka duba bayansa da fitila, ranar da ka ga ko ƙurji uku ne a cure, ranar za ku dawo, kar ku jira ranar da aka rubuta muku. Bayan kwana biyu suka dawo. Gungu biyu ne, ɗaya kusa da ƙashin baya ɗaya a gefe, ƙanana masu ruwa garau a kan fata da ta ɗan tasa. Wani abu da littafi bai gaya mana sosai ba shi ne a baƙar fata jan nan da ake ta faɗa ba ya fitowa ja, sai dai ka ga wurin ya ƙara duhu ko ya ɗan kumbura, in kana jiran ja sai ka wuce shi.

Ranar aka fara masa asiklobir miligiram 800 sau 5 a rana na kwana 7, bayan an duba ƙodarsa, don maganin ta ƙoda yake fita, in ta yi rauni sai an rage, in ba haka ba tsoho zai iya rikicewa ya fara sambatu. Aka ce ya dinga shan ruwa sosai. Sau 5 ɗin nan wahala ce wallahi, duk bayan awa 4 ne in ban da lokacin barci, mutane da yawa suna mayar da shi sau 3 da kansu, shi ya sa in akwai hali balasiklobir giram 1 sau 3 a rana ya fi sauƙin bi. Kuma na sha ganin wanda aka ba shi 200 ko 400, adadin da ake ba mai harfis na leɓe, ko a ba shi kirim kawai ya shafa. Bairos ɗin ƙarambau ya fi taurin kai ga maganin nan, ƙaramin adadi ba ya isarsa, kirim kuwa ba ya kaiwa jijiyar da ake yaƙin a cikinta. Antibayotik ma ba ya taɓa shi sai in ƙurajen sun yi mugunya daga baya, kirim mai sitiroyid kuma a bar shi.

Maganar da ake yi cewa a fara maganin cikin awa 72, daga fitowar ƙurji na farko ake ƙirgawa, ba daga fara ciwo ba. Dalilin mai sauƙi ne, maganin ba ya kashe bairos ɗin da ya riga ya samu, ba ya gyara jijiyar da ta riga ta ƙone, hana shi ƙara yin kwafin kansa kawai yake yi. Kwanakin farko ne yake tsakiyar hayayyafa, in ka shigo a lokacin sai sababbin ƙuraje su daina fitowa da wuri, su bushe da wuri, zafin ya ragu da wuri. In ka zo bayan sati komai ya yi ɓawo, aikin gama ya gama. Amma fa awa 72 ba ƙofa ba ce da ake rufewa, in har sababbin ƙuraje suna fitowa, ko a fuska ne, ko mai rauni a garkuwa ne, ana bayarwa ko an wuce.

Inda nake ganin ana wuce gona da iri shi ne alkawarin cewa maganin zai hana ciwon da ke saura bayan an warke. Wannan ciwon, wanda ake ƙirga shi in ya wuce kwana 90, yana samun kusan 10 zuwa 18 cikin 100 na masu shingils, kuma ya fi kama tsofaffi da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani tun farko. Bincike bai nuna ƙarara cewa asiklobir yana hana shi ba. Don haka ni ba na ce wa kowa ba za ka samu ba, ina cewa in ƙurajen sun tafi zafin bai tafi ba ka dawo, akwai magungunan ciwon jijiya irin su amitiriftilin da gabafentin, don farasitamol kaɗai ba ya riƙe shi. Baban nan ƙurajensa sun bushe cikin kwana goma, amma ya ɗauki wasu makonni yana kwana a gefen hagu kawai kafin wurin ya lafa. Abin da aka tabbatar yana rage ciwon da abin da ke biyo bayansa shi ne allurar rigakafin shingils, guda biyu ake yi, tsakaninsu wata 2 zuwa 6, ga 'yan shekara 50 zuwa sama da masu raunin garkuwa.

Mai shingils na fuska shi ne wanda ba na bari ya zauna a layi. Ciwon kai gefe ɗaya na goshi, fatar kai tana zafi in an taje gashi, sai ƙuraje a goshi da fatar ido. In ka ga ko ƙwaya ɗaya a kan tsinin hanci ko gefensa, reshen jijiyar da ke zuwa nan shi ne yake zuwa ƙwayar ido, ranar nan sai likitan ido ya gan shi ko da idon bai yi ja ba, don ana rasa gani a kan wannan. Haka in ciwon kunne ne mai tsanani da ƙuraje a cikin kunnen, fuska ta karkace gefe ɗaya, mutane su ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce alhali bairos ne a jijiyar fuska, shi ma awowi ake ƙirgawa.

Matashi ɗan shekara ashirin da wani abu da ya zo da shingils, musamman in ya kama layi fiye da ɗaya ko ya maimaita, ana ba shi shawarar gwajin ƙanjamau da na suga, a tambayi ko yana shan sitiroyid, a hankali ake faɗa ba da tsoratarwa ba don masu lafiya ma suna yi. Sai tambayar da dangi ba sa fashin yi, za mu ɗauka? Ba a ɗaukar shingils daga wani, amma ruwan ƙurajen zai iya ba wanda bai taɓa yin ƙarambau ba kuma bai yi rigakafi ba ƙarambau. Don haka a rufe wurin da tsumma mai tsabta mara kamawa, a wanke hannu, tawul ɗinsa daban, sannan mai ciki da ba ta taɓa yi ba da jarirai da masu shan maganin ciwon daji su ɗan nisanta har sai kowane ƙurji ya yi ɓawo.