Asabar: sunaye 17 a littafi, 14 a kwamfuta

Yau ko shayi ban gama ba Gwaggo ta Jega ta kira. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba.

"Ke ɗiyar ga, mi na yi muku? Kowa ya ga bidiyon kamu sai ni?"

Na ce mata Gwaggo sunanki na ciki, da hannuna na rubuta. Ta ce to ita dai duk sanda ta taɓa linkin sai a nuna mata baƙin allo da turanci. Jikarta ta karanto mini abin da ke jiki ta waya: Private video. Na ce ta ba ni zuwa azahar.

Bidiyon kamun ƙanwata ne, minti 38. Taron mata ne zalla, an cire mayafi an yi rawa, har Inna sai da aka ja ta fili. Shi ya sa ranar Talata da na ɗora shi a YouTube ban sa shi a Unlisted ba, domin wannan duk wanda linki ya faɗa hannunsa zai kalla, kuma na san dangina da tura abu gaba. Na sa shi a Private. A nan linki shi kaɗai ba ya buɗe komai. Sai an rubuta adireshin imel ɗin mutum a jerin waɗanda aka yarje wa, kuma sai ya shiga YouTube da akawun ɗin Google na wannan adireshin daidai. Ana iya sa har mutum 50. Mutum 17 kawai amarya da Inna suka zauna suka lissafa, na rubuta a bayan littafin da muka yi lissafin kayan gara.

Wuta ta zo wajen ƙarfe 10, na jona kwamfutar Yaya. Na shiga studio.youtube.com, na taɓa Content, na je kan bidiyon, na buɗe Visibility. A ƙarƙashin Private akwai wurin Share privately, nan adiresoshin suke jere. Na ɗora littafi a cinya ina bi ɗaya bayan ɗaya da biro.

14 na ƙirga. Na sake ƙirgawa, 14 ɗin dai.

Uku da suka ɓace ban sha wahalar gano su ba, duk waɗanda na ƙara ranar Alhamis da dare ne, bayan sun turo adireshinsu a makare. Na tuna yadda aka yi. Na rubuta su, na taɓa Done, ƙaramar tagar ta rufe, sai aka kira ni kicin na rufe kwamfutar. Ashe Done tagar kawai yake rufewa. Sai an taɓa Save kafin abin ya zauna. Ni kuwa a daren na bi su ukun da saƙo cewa na sa ku, ku duba. Kwana biyu suna taɓa linki yana ƙin buɗewa, kuma babu wadda ta yi magana. Ɗaya daga ciki, matar Kawu ta Yauri, da na kira ta ce ta ɗauka datarta ce ba ta da ƙarfi. Ina jin kunya ce ta hana ta faɗa.

Na mayar da su, Done, Save, na fita daga shafin gaba ɗaya na sake shiga don in gani da idona. 17. Sai na ji sanyi, har na miƙe zan ɗora girki. Sannan na tuna cewa Gwaggo ai tana cikin 14 ɗin farko, kuma ita ce mai kuka da mu tun safe.

Nan na gane jerin nan abin da na rubuta kawai yake nuna mini. Ba ya cewa wance ta buɗe, wance ta kasa. Akwai adadin kallo, ya nuna 23, amma babu suna ko ɗaya a jikinsa, kuma na san amarya ita kaɗai ta maimaita shi ba adadi. Don haka babu wata hanya sai in bi mutum 14 ɗin nan da tambaya. Ban tambaye su ko saƙo ya iso ba, don kowa zai ce e. Na ce kowace ta faɗa mini launin atamfar da Inna ta sa a farkon bidiyon. Kafin azahar 10 sun amsa daidai. Saura huɗu.

Na Gwaggo ya fi sauƙi da na kalli adireshin da kyau. Na yahoo ne, tsohon da aka buɗe mata tun tana koyarwa, kuma shi ta haddace, shi take ba kowa. Ba a taɓa yin akawun ɗin Google da shi ba. Wayarta kuwa da wani adireshin gmail take aiki, wanda yaron shagon da ya saita mata wayar ya buɗe, ita ba ta ma san da shi ba. Na ce jikar ta buɗe Play Store, ta taɓa ɗan da'irar da ke sama ta hannun dama, ta ɗauki hoton allon ta turo mini. Adireshin na nan a rubuce ƙarƙashin sunan. Na cire na yahoo na sa wannan. Minti biyar ba a yi ba sai ga saƙon murya, Gwaggo na guɗa tana cewa ashe Inna ta iya taka rawa haka take ɓoye mana.

Daga yau hoton allo zan riƙa karɓa. Na daina karɓar adireshi da baki.

Anti ta Gusau kuma adireshinta daidai yake, gayyatar ma ta shiga imel ɗinta, ta gani. Amma in ta taɓa sai YouTube ɗin wayar ya buɗe ya ce Private video. Mun fi minti 20 a waya kafin ta ambata, a cikin hira, cewa wayar tsohuwar ta Alhaji ce ya bar mata. Akawun biyu ne a ciki. Gmail yana kan nata, YouTube kuwa har yanzu yana kan na mijinta, shi kuma ba ya cikin jerin. Ta ce, "To ki sa nashi mana a huta." Na ce Anti ki yi haƙuri, in na sa nashi, sabuwar wayar da ke aljihunsa ma za ta buɗe. Ta yi shiru, sannan ta yi dariya ta ce a'a bar shi. Na bi da ita a hankali: ta taɓa hoton akawun a YouTube, ta nemi Switch account, ta zaɓi sunanta, ta koma ta taɓa linkin. Ya buɗe.

Ta uku ita ta hana ni cin abincin rana.

Ƙawar amarya ce ta Argungu, tun makarantar kwana suke tare. Ta ce ita ko gayyata ba ta gani ba, ta duba har cikin Spam. Na ce ta turo hoton allo. Na ajiye hoton kusa da abin da ke kwamfuta ina kallo, da farko ban ga bambanci ba. Sai na lura nata akwai ɗigo tsakanin sunanta da na mahaifinta, nawa babu, na ce yawwa ga shi. Yaya da ke wucewa ya leƙo ya ce ɗigo ba ya canza komai a gmail, da shi da babu duk akwati ɗaya ne. Ya sa yatsa a ƙarshen adireshin. Nata ya ƙare da lamba uku. Wanda na rubuta lamba biyu ne, na ci ta ƙarshe.

Sunanta irin sunan da ake da shi a kowane gida ne daga nan har Kano. Na duba akwatin imel ɗina ko akwai saƙon da ya dawo, ban ga komai ba, amma wannan bai kwantar mini da hankali ba, tunda ba daga akwatina gayyatar ta fita ba, YouTube ne ya aika. In har adireshin yana da mai shi, to tun Talata wani ko wata da ba mu sani ba na da izinin kallon kamun gidanmu. Kuma ranar na sa alama a Notify via email, ke nan har sallama aka yi masa da linki a ciki. Kwana huɗu. Mun hana Alhajin Gusau da muka sani, mun buɗe wa baƙo.

Na goge adireshin nan take, na sa na gaskiya, Done, Save. Sannan na so in tabbatar cewa gogewa tana aiki da gaske, don yau na daina yarda da abin da ban gwada ba. Ina da wani tsohon akawun a wayata. Na sa shi a jerin, na buɗe bidiyon da shi, ya yi. Na cire shi, na sake taɓa linkin, sai baƙin allon nan na Gwaggo. To, ko baƙon yana riƙe da linki, yanzu ba zai amfane shi ba, kuma ba sai na sauke bidiyon na sake ɗorawa ba, abin da ya cinye mini data ranar Talata.

Abin da ya rage shi ne ko ya riga ya kalla. Na daɗe ina kallon 23 ɗin nan kamar zai yi magana. Ƙila adireshin matacce ne, ƙila mai shi bai taɓa buɗe saƙon ba. Na yi tunanin in yi shiru, don wa zai sani? Amma ba fuskata kaɗai ke ciki ba. Bayan la'asar na hau adaidaita zuwa Badariya gidan amarya, na faɗa mata a ɗaki mu biyu. Ta ɓata rai, ta ce Yaya ke da kike mana faɗan tura abu. Na ce na karɓa. Can ta ce kada dai Inna ta ji yau, ta bari sai ita ta faɗa mata da kanta, kuma bidiyon ya ƙara sati ɗaya kawai, ranar Asabar mai zuwa in cire kowa. Ta kuma ce in faɗa wa mata kada wadda ta ɗauki allon wayarta tana kallo. Wannan kam babu maɓallin da zai hana shi, sai dai roƙo, kuma na roƙa.

Yanzu ƙarfe 9 da rabi. A littafi na ja layi uku: wadda aka lissafa, adireshin da ke kwamfuta, da wadda ta faɗi launin atamfa. Layi na farko 17, na biyu 17, na uku 15. Cikin ukun Alhamis biyu sun tabbatar, ɗayar tana makaranta sai gobe za a ba su waya. Ta huɗun da ban samu ba tun safe ita ce 'yar Baffa da ke aure a Dosso, layinta ba ya shiga. Adireshinta kuma Inna ce ta karanto mini shi daga wata takarda ranar Talata, da gilashinta a wani ɗakin. Na daɗe ina kallonsa, sannan na cire shi, sai ta turo hoto. Layi na biyu ya koma 16.