Ɗinki ya makara: saƙo ɗaya, murya uku

Ba a tallar sabbin kaya ake gane muryar da ta dace da sana'a ba, sai ranar da za a gaya wa mai saye abin da ba ya son ji. A ce shagon ɗinki ya yi alkawarin Alhamis, aiki kuma ba zai fito ba sai Asabar. Kowace murya aka ɗauka, dole saƙon ya faɗi cewa an makara, ya faɗi sabuwar rana da lokaci.

Muryar ofis ga yadda take: "Muna sanar da ku cewa ɗinkinku mai lambar rasit 214 zai kammala ranar Asabar, ƙarfe 10 na safe, maimakon Alhamis. A gafarce mu." Ƙarfinta yana cikin "ku" da lambar rasit, shi ya sa take dacewa da makarantar da ta ba da kwangilar yunifom. Amma Hajiyar da ta shekara biyar tana kawo ɗinki za ta ji kamar an manta ta.

Muryar zumunci kuwa da gaisuwa take farawa: "Assalamu alaikum Hajiya, ya gida? Don Allah ki yi haƙuri, mun saɓa alkawari, ɗinkinki sai Asabar ƙarfe 10 na safe. In bikin kafin nan ne, ki kira mu yanzu." An koma "ki", shago ya ɗauki laifinsa, ya kuma tuna cewa akwai dalilin da ya sa ta zaɓi Alhamis. Inda take lalacewa shi ne gaisuwa da addu'a su yi layi huɗu, ranar karɓa ta nutse a ƙasa. Alamar hakan, sai amsa ta dawo: "To yaushe zan zo?"

Ta raha ita ce mai haɗari: "Hajjaju, atamfar nan ta ce ba ta fita sai ta gama kwalliya! Asabar tana jiranki." Da daɗin karantawa, sai dai an ɗora wa atamfa laifin tela, ba haƙuri ko ɗaya, ƙarfe 10 ma ya ɓace. Wasa a wurinmu yana da masu shi. Bafulatani ya tsokani Babarbare a yi dariya, domin tsohuwar dangantaka ta ba shi dama. Shago ba shi da wannan damar a kan wadda ta biya kuɗinta tana jira. A ajiye raha don ranar fitar da sabon samfuri.

Duk wadda aka zaɓa, a rubuta wa masu amsa waya rabin shafi: "ku" ne ko "ka" da "ki", wace gaisuwa, waɗanne kalmomi ba a faɗa. In kuma ta tes za a tura, a lura: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya tak yana mayar da shi 70, sai saƙon zumuncin nan ya zama kuɗin tes uku.